Doki Nawa? Yadda Ake Zaɓen Injin Ruwa Da Lissafi

Duk wanda ya shiga shagon kayan ruwa a kasuwar Sabon Gari ta Kano, ko a Sakkwato, ko a Maraɗi, ya ce yana son injin da zai saka a rijiyar burtsatse, tambayar da za a fara yi masa ita ce: "Alhaji, mai doki nawa kake so?" Shi kuma sau da yawa sai ya ba da amsa da zurfin rijiyarsa, ya ce ai mita saba'in aka haƙa masa. Mai shago ya ɗan yi shiru, ya ce to sai mai doki biyu. A yi ciniki, a ɗora kwali a mota. A wannan ɗan zancen ba wanda ya ambaci abubuwa biyun da za su yanke hukunci a kan ko injin zai yi aiki ko zai ƙone: yawan ruwan da ake so a kowace awa, da tsayin da ruwan zai hau kafin ya fito.

Ƙarfin doki shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a tambaya, domin daga waɗancan biyun ake fitar da shi. Injina uku za su iya kasancewa duk masu doki ɗaya, ɗaya ya cika maka tanki, ɗaya ya riƙa kawo ruwan da bai kai buƙata ba, na uku kuma ya yi ta juyawa a ƙasa ko ɗigo bai iso sama ba. Babu na jabu a cikinsu, kowanne dai da irin aikin da aka ƙera shi domin yi.

Dalilin haka yana cikin yadda injin ke aiki. A cikin injin da ake zurawa cikin rijiya, wanda masu sana'ar ke kira sumo, akwai ƙananan farfeloli da aka jera wani kan wani. Kowace farfela tana karɓar ruwa daga ta ƙasa, ta ƙara masa ƙarfin turi, ta miƙa wa ta sama. Idan maƙeri ya jera siraran farfeloli masu yawa, injin zai kai ruwa sama sosai amma kaɗan-kaɗan. Idan ya sa masu faɗi guda kaɗan, zai ba da ruwa mai yawa amma ba zai hau da shi nesa ba. Abin kamar ɗan garuwa ne da kurarsa: a shimfiɗaɗɗiyar hanya zai tura jarka goma sha biyu, amma in akwai hawa mai tsanani dole ya rage, kuma ƙarfin jikinsa bai canza ba. Shi ya sa lambobi biyun da ake bugawa a jikin injin, `Q max` da `H max`, suke yaudarar masu saye. Ta farko ita ce ruwan da injin zai zubo in babu hawa ko kaɗan, ta biyu kuma tsayin da ruwa zai kai ya tsaya cak, ba ya fita. Ba a taɓa samun su biyun a lokaci guda. Aikinka na gaskiya yana wani wuri a tsakaninsu, kuma gano wannan wurin shi ne dukan sana'ar.

Ruwa nawa gonar ke sha

Mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. Manomi ne a wajen Zariya, yana da lambu mita 50 tsawo, mita 50 faɗi, wato rubu'in hekta, yana son noman rani na tumatir da attaruhu. An haƙa masa burtsatse mai zurfin mita 70, kuma yana son ruwan ya hau tanki a ɓangaren tudu na gonar, daga can ya gangaro.

A tsakiyar rani, idan shuka ta yi ganye sosai, ruwan da ke fita daga gona ta hanyar tururi da numfashin ganye yakan kai milimita 5 zuwa 8 a yini a ƙasashenmu, gwargwadon zafi da iska. Mu ɗauki 6. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce daidai, don haka lissafin ba shi da wuya: murabba'in mita 2,500 sau 6, ya ba da lita 15,000 a yini. Wannan shi ne abin da saiwa ke buƙata. Amma ba duk ruwan da ya fito daga bututu ne ke isa saiwa ba. Idan ta magudanar ƙasa za a kora shi zuwa fangali, kashi 40 cikin ɗari na iya nutsewa a hanya ko ya wuce ƙasan saiwa, sai a buƙaci jan kimanin lita 25,000. Idan kuwa da siraran bututu masu ɗiga a gindin shuka za a yi ban ruwan, asarar ba ta cika wuce kashi 10 ba, lita 17,000 ta wadatar.

Wanda ruwan gida yake nema, ba na gona ba, hanyar ɗaya ce: ya ƙidaya mutane da dabbobi, ya fitar da lita nawa ake sha a yini, ya raba da awannin da yake samun wuta. Gida mai mutum goma sha biyar da ƙyar zai wuce lita 2,000 a yini, abin da ƙaramin inji zai cika cikin awa ɗaya ko biyu. Gidaje da yawa sun sayi injin da ya ninka buƙatarsu sau uku.

Abin da rijiya za ta iya bayarwa

A nan ne aka fi yin sake. Inji ba ya ƙirƙirar ruwa, abin da ƙasa ta tsattsafo cikin rijiya shi yake ɗauka. Yawancin ƙasar Kano, Kaduna, kudancin Katsina da Zamfara tana zaune ne a kan dutse mai tauri, kuma ruwan da ake samu a can yana cikin tsagogin dutsen ne da rubaɓɓen samansa. Rijiyar da ke ba da lita 2,000 zuwa 4,000 a awa a irin wannan wuri ba ta yi laifi ba, wasu ma ba su kai 1,000 ba. A yankin Sakkwato da Kebbi, da kuma kwarin Tafkin Chadi wajen Maiduguri, inda ake da shimfiɗun yashi masu kauri a ƙarƙashin ƙasa, rijiya ɗaya na iya ba da ninkin haka sau da yawa. Saboda haka injin da ya yi wa ɗan'uwanka aiki a Argungu ba hujja ba ne a Funtuwa.

Hanyar sanin halin rijiya ita ce gwajin ja. Kafin a kunna komai, a zura ma'auni a ga a mita nawa ruwa yake kwance. Sai a saka injin gwaji a yi ta ja ba tsayawa, ana auna yawan ruwan da ke fita, ana kuma duba yadda ruwan cikin rijiyar ke sauka. Da farko zai sauka da sauri, daga baya ya rage, har ya kusa tsayawa wuri ɗaya. Ga ƙaramar rijiya, awa shida zuwa takwas shi ne mafi ƙarancin abin da zan yarda da shi, yini da kwana ya fi. Ruwan da ke feshi sama ranar haƙa, lokacin da ake hura iska cikin ramin, abin farin ciki ne, amma ba gwaji ba ne. Ina ganin duk mai ba da kwangilar haƙa ya kamata ya sa gwajin ja cikin sharaɗi, ya kuma riƙe wani abu daga cikin kuɗin har sai an ba shi takarda mai ɗauke da zurfin rami, wurin da aka sa bututu mai tsaga da ruwa ke shiga ta ciki, matsayin ruwa a kwance, da matsayinsa lokacin ja.

Auna yawan ruwa ba ya buƙatar wata na'ura. Jarka mai lita 25 da agogon waya sun isa. A tara jarkar a bakin bututu, a ƙidaya daƙiƙoƙin da ta ɗauka kafin ta cika, sai a raba 90,000 da wannan adadin. Idan ta cika a daƙiƙa 30, lita 3,000 ke nan a awa. Idan sai da ta kai 45, lita 2,000 ce.

A misalinmu, mu ce ruwa yana kwance a mita 18. Da aka ja lita 4,000 a awa sai ya sauka zuwa mita 34 ya tsaya, da aka ƙara kuma sai ya ci gaba da nutsewa. To 4,000 ita ce iyakar rijiyar, kuma ba a zama a kan iyaka. A ɗauki kashi uku cikin huɗu, wato lita 3,000 a awa, domin a watan Afrilu da Mayu ƙasa ba za ta ba da abin da ta bayar a Nuwamba ba. Yanzu a koma kan buƙatar gona. Lita 25,000 a raba da 3,000, injin zai yi aikin awa takwas da ɗoriya a kullum. Lita 17,000 kuwa ba ta kai awa shida ba. Wannan bambanci yana da nauyi ga mai tunanin sola, domin hasken rana mai ƙarfin da zai juya inji sosai bai cika wuce awa biyar zuwa shida a yini ba. Rijiyar nan da sola za ta ɗauki rubu'in hekta in ana ɗiga ruwa a gindin shuka, amma ba za ta ɗauka ba in ana korar ruwa a ƙasa. Mai gonar ya san wannan tun bai kashe ko sisi a kan inji ba.

Hawan da ruwa zai yi

Ga kuskuren da ya fi yawa: ɗaukar zurfin rijiya a matsayin hawan da injin zai yi. Rijiyar mita 70 ce, amma ruwan ba daga mita 70 za a ɗago shi ba. Ko an zura injin zuwa mita 45, ko an kai shi 60, ruwan da ke kewaye da shi yana turo kansa cikin bututu har zuwa daidai fuskar ruwan rijiyar, a kyauta. Aikin injin yana farawa ne daga fuskar ruwa, kuma fuskar da ake nufi ita ce ta lokacin da ake ja, ba ta lokacin da rijiya ke hutawa ba.

A lita 3,000 a awa, ruwan rijiyarmu zai tsaya wajen mita 30. A ƙara mita 4 saboda saukar ƙarshen rani, ya zama 34. Daga bakin rijiya zuwa gindin tanki ƙasa ta ɗaga da mita 2. Ƙafar tanki mita 4 ce, tankin kansa mita 2, kuma ta sama ruwa ke shiga, wato mita 6. Jimilla mita 42 ke nan a tsaye. Nisan da ke tsakanin rijiya da tanki a kwance ba a ƙara shi kai tsaye. Yana shigowa ne ta wata ƙofar, wadda ita ce gogayyar ruwa da jikin bututu.

Ruwa idan yana gudu cikin bututu yana gogar bangonsa, kuma wannan gogayya tana cin ƙarfin injin tamkar an ƙara masa hawa, shi ya sa ita ma da mita ake auna ta. Tana ƙaruwa da tsawon bututu, amma abin da ya fi tasiri shi ne faɗinsa. Manominmu yana da bututu kimanin mita 100: 45 a cikin rijiya, wajen 50 a ƙasa, sauran kuma hawa tanki. Lita 3,000 a awa cikin bututun roba mai inci ɗaya tana cin kusan mita 10 a kowace mita 100. A mai inci ɗaya da kwata, mita 3 zuwa 4 ce. A mai inci ɗaya da rabi, ba ta kai mita 2 ba. Kwata ɗin inci kaɗai ta rage asarar da kusan kashi biyu cikin uku. Kowace gwiwa da kowane bawul su ma suna cin nasu, a ware musu mita ɗaya ko ɗaya da rabi.

Da bututu mai inci ɗaya da kwata, jimillar hawa ta zama mita 47. Da mai inci ɗaya, ta kai 54. A riƙe waɗannan lambobi biyu, za mu ga abin da suke jawowa a aljihu.

Abu ɗaya ya rage. Idan ruwan ba tanki zai faɗa ba, kai tsaye zai shiga na'urar feshi mai juyawa, to ita ma tana buƙatar matsi a bakinta. A jikinta ana rubuta matsin da `bar`, kuma kowane ɗaya daidai yake da hawan mita 10. Mai feshin da ke son biyu da rabi ya ƙara wa injin mita 25 ke nan. Mutane da dama sun haɗa feshi da injin da aka saya domin cika tanki, suka ga ruwa na zuba a gindin na'urar maimakon ya watsu, suka ɗora laifi a kan mai feshin.

Yanzu sai doki

Da lambobi biyu a hannu, lita 3,000 a awa da hawan mita 47, ƙarfin injin ya zama lissafi:

```
kW = (Q × H) ÷ (367 × e)
```

A nan `Q` yawan ruwa ne a awa, ana ƙidaya kowace lita 1,000 a matsayin ɗaya, `H` jimillar hawa ce a mita, `e` kuma rabon ƙarfin da ke zama aiki na gaskiya. A ƙananan injinan rijiya wannan rabon yana wajen kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari, mu sa 0.55. Uku sau 47 ya ba da 141. A raba da 367, a sake rabawa da 0.55, a samu kilowat 0.70. Doki ɗaya wat 746 ne, wato kusan kilowat 0.75. Ashe mai doki ɗaya ya ishi rijiyar da aka so a saka wa mai doki biyu.

A maimaita da bututu mai inci ɗaya: uku sau 54, a bi hanya ɗaya, a samu kilowat 0.80. Ya haura doki ɗaya, kuma na gaba a kasuwa shi ne mai doki ɗaya da rabi, kilowat 1.1. Tsimin da aka yi a kuɗin bututu ya jawo babban inji, da babban janareto, da ƙarin mai a kowace rana har tsawon rayuwar rijiyar.

Lissafin ya nuna girman motar da ake buƙata, amma bai zaɓi injin ba tukuna. Zaɓin yana cikin takardar da ke cikin kwali, ko a bayan kwalin, inda ake samun zane mai lanƙwasasshen layi ko jadawalin lambobi: a hawa kaza, ruwa kaza. Mu ce mai shago ya fito da uku, duk masu doki ɗaya. Na farko `H max` ɗinsa mita 45 ce, an yi shi ne domin ruwa mai yawa a rijiya marar zurfi. A hawan mita 47 ba zai kawo komai ba. Na biyu ya kai mita 110, na rijiya mai nisa ne, a mita 47 zai ba da wajen lita 2,500, yana can ƙarshen layinsa inda yake ɓarnar wuta. Na uku an rubuta masa mita 72 da lita 80 a minti, jadawalinsa kuma ya nuna lita 3,000 a awa a hawan mita 50. Wannan shi ne naka. Ka lura cewa wurin aikinka ya faɗo a tsakiyar layinsa, kusan kashi biyu cikin uku na iyakar hawansa, kuma a tsakiyar nan ne irin waɗannan injina suka fi amfani da wuta yadda ya kamata. A kula da ma'auni, domin wasu kamfanoni da lita a minti suke rubutawa, `L/min`, wasu da `m³/h`. Lita 50 a minti ita ce 3,000 a awa. Injin da ba shi da jadawali ko kaɗan, sai lambobin iyaka biyu kawai, ni dai ba zan ba kowa shawarar saya ba.

Doki ɗayan da aka rubuta ƙarfin da motar ke fitarwa ne, abin da take ja daga wuta ya fi haka, wajen kilowat ɗaya ko ɗan sama. A lokacin tashi kuma takan fizgi ninkin hakan sau da yawa na ɗan ƙiftawar ido. Don haka ƙaramin janareto ba zai tayar da ita ba, a nemi mai `kVA` biyu da rabi zuwa uku. Waya ma ta shiga lissafi: a nisan mita 100, waya mai kaurin 1.5 za ta zubar da kusan bolt 14 a hanya, mai 2.5 kuwa wajen 8. Inda wutar gari ke zuwa da rauni dama, wannan ragin ya isa ya sa motar ta riƙa zafi har kwayil ya ƙone.

Ga mai sola, faifan da za su ba da kilowat 1.3 zuwa 1.5 ne suka dace da wannan inji, saboda zafi da ƙurar hunturu suna rage abin da faifai ke bayarwa. Akwai kuma wani hali na inji mai farfela da ya kamata a sani. Idan rana ta yi rauni yana rage gudu, kuma ƙarfin hawansa yana faɗuwa fiye da yadda gudun ya faɗi. In gudun ya koma kashi 80 cikin ɗari, hawan kashi 64 yake komawa. Injinmu mai mita 72 ya dawo 46 ke nan, ƙasa da abin da ake buƙata ya yi aikin kirki, sai ka ga da hantsi da la'asar yana juyawa amma ruwan ɗan tsirit ne, ko babu. Inda hawa ke da yawa kuma ruwan da ake so kaɗan ne, injin sola mai murɗaɗɗen ƙarfe a ciki, wanda ke matso ruwa maimakon watsa shi, ya fi jure raunin rana.

Me zai faru da an bi shawarar farko an saka mai doki biyu? A hawan mita 47 zai nemi jan wajen lita 6,000 a awa daga rijiyar da iyakarta 4,000. Ranar farko kowa zai yi murna, domin ruwa zai fito da ƙarfi. Amma wannan ƙarin daga ruwan da ke tare a cikin ramin yake fitowa. Bututun rijiya mai inci biyar yana riƙe da kimanin lita 12 a kowace mita, daga mita 18 zuwa 45 lita ɗari uku da 'yan kai ce kawai. Cikin minti goma ko ƙasa da haka ruwa ya sauka zuwa bakin injin. Daga nan sai a ga bututu yana tari, ruwa na fita da iska, ya ɗauke ya dawo. Ruwan da ke wucewa ta jikin motar shi ne ke sanyaya ta, shi ne kuma man farfelolin, don haka duk minti ɗaya da ta yi a bushe ragin kwananta ne. Jan ƙarfi kuma yana tsotso yashi, yashin ya cinye farfeloli. Wanda ya riga ya faɗa wannan hali ba sai ya jefar da injin ba. Ya sa bawul a bakin rijiya ya rage shi har jarka ta riƙa cika a daƙiƙa 30, ya kuma sa na'urar da ke kashe injin da zarar ruwa ya ƙare. Rage bawul a ɓangaren fita ba ya cutar da inji mai farfela muddin ba a rufe shi gaba ɗaya ba, illa dai ana biyan kuɗin man da ba a mora.

Wurin da za a rataye injin shi ma gwajin ne ke faɗa. A sa shi kimanin mita goma ƙasa da mafi nisan inda ruwa ke sauka, amma sama da bututu mai tsaga in da hali, kuma kada ya kusanci gindin rami inda laka ke taruwa. Shi ya sa a misalinmu aka zaɓi mita 45.

A fadama, iyakar tana wajen tsotso

Manoman fadama, daga Kura da Kadawa zuwa Haɗeja da gaɓar Gulbin Rima, yawanci injin fetur mai zama a bakin ruwa suke amfani da shi, mai inci biyu ko mai inci uku. Ya yaɗu sosai ne tare da ƙananan rijiyoyin fadama, musamman bayan shirin fadama na ƙasa da aka fara da tallafin Bankin Duniya a farkon shekarun 1990, ya kuma maye gurbin jigo a wurare da yawa. Lissafin buƙata da na hawa duk ɗaya ne da na burtsatse, amma akwai wata iyaka da doki ba ya gyarawa.

Irin wannan inji ba jawo ruwa yake yi da ƙarfinsa ba. Yana rage iska ne a cikin mesa, sai nauyin iskar duniya da ke danne fuskar ruwa ya turo shi sama. Wannan nauyi, ko a bakin teku, ba ya ɗaga ruwa fiye da mita 10 da ɗan kai. A aikace, da gogayya da ɗumin ruwa da sauransu, mita 6 zuwa 7 ce iyaka, kuma tun daga mita 5 ruwan ke fara raguwa sosai, ko da an rubuta 8 a jikin injin. A tudun Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200, iska ta fi sauƙi, sai a rage fiye da mita ɗaya a kan haka. Idan ruwan rijiya ya sauka ya wuce wannan iyaka a watan Maris, sayen inji mai doki goma ba zai kawo shi ba. Dabarar da manoma suka daɗe da ganowa, ta haƙa rami mita ɗaya ko biyu a gefen rijiya a sauke injin ciki, ita ce daidai, domin tazarar da ke tsakanin injin da fuskar ruwa ita ce matsalar. A bar ramin a buɗe, kada mutum ya daɗe a ciki injin na aiki, hayaƙin fetur yana taruwa a rami kuma yana kisa.

Injin da aka matsa wa a wajen tsotso yana faɗa da bakinsa: za ka ji ƙara kamar tsakuwa na yawo a cikinsa, ruwa kuma yana fita da rauni. Ƙananan kumfa ne ke tasowa suna fashewa a jikin farfela, a hankali su rarake ta. Idan kuwa injin ya ƙi kama ruwa bayan an cika masa ciki, a fara duba mahaɗar mesar tsotso, domin hujin da bai fi na allura ba ya isa ya shigar da iska. Mesar tsotso ta zama gajera, mai tauri wadda ba ta lotsewa, kuma kada ta gaza bakin injin faɗi.

Tsakanin mai inci biyu da mai inci uku kuwa, tushen ruwan ne ke zaɓa. Mai inci biyu iyakarsa wajen lita 500 zuwa 600 ce a minti, mai inci uku kusan 1,000, kuma a gona, da hawan mita 10 zuwa 12, abin da ake samu ya gaza haka. Mai ja daga kogi ko madatsar ruwa zai amfana da babban, ya gama ban ruwa da wuri. Mai ja daga siririyar rijiyar fadama sau da yawa mai inci biyu ma sai ya rage masa wuta, mai inci uku kuwa zai zuƙe ta cikin ɗan lokaci ya fara shan iska. Rabin hekta da ake kora wa ruwa a ƙasa tana cin wajen lita 50,000 a yini. In kwana uku-uku ake shayar da ita, lita 150,000 ke nan a zuwa ɗaya, aikin awa bakwai da rabi ga injin da ke ba da 20,000 a awa.

Ranar da aka saka sabon inji, ko a burtsatse ko a fadama, a auna ruwan a inda yake zuba na ƙarshe, bayan ya yi awa ɗaya yana aiki, a rubuta adadin a ajiye. A sake aunawa kowane wata. Idan ruwan ya ragu amma yana fita sumul ba iska, kuma ruwan rijiya yana inda ya saba tsayawa, matsalar tana wajen injin: farfela ta ci, ko rariyar bakinsa ta toshe, ko bututu na yoyo a cikin rami, ko wuta ta yi rauni. Idan kuwa ruwan na fita da tari kuma ma'auni ya nuna ya sauka ƙasa da da, rijiyar ce ta ja baya, sai a rage bawul, a raba awannin ja gida biyu safe da yamma, ko a ƙara zura injin ƙasa in akwai sauran wuri.